Azurfar gado da ta yi baƙi cikin damina ɗaya: abin da ya jawo, da yadda aka dawo da haskenta

Kayan azurfar da zan yi magana a kansu na gwaggona ne, yayar mahaifina da ke zaune a Yakasai cikin birnin Kano. Kashi huɗu ne: awarwaro biyu masu kauri da ta gada wajen mahaifiyarta, siririyar sarƙa da aka buga wa lamba 925 a jikin maƙullinta, zoben marigayi maigidanta mai dutsen aƙiƙ, sai 'yan kunne masu walƙiya da aka kawo mata tsaraba. Shekara da shekaru awarwaron suna cikin kwalla, a naɗe da farin ƙyalle, kuma duk lokacin da aka ciro su don biki, ɗan dusashewa kawai ake gani. A bara aka gyara mata ɗaki, aka sa banɗaki a ciki, aka kawo sabuwar durowa, ta kwashe kayan ta mayar can. Kafin damina ta fita, awarwaron sun koma baƙi ƙirin, sarƙar ta yi ja-ja, zoben kuma ya yi dabbare-dabbare.

Abin da ya fara zuwa ranta shi ne an yi mata musanye, ko kuma dama can kayan ba na gaske ba ne. Wannan zargin ya kamata a fara kawar da shi, domin yana ɓata zumunci a banza. Azurfa ta gaske tana yin baƙi. Ba ta tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, amma tana da abokin gaba guda ɗaya babba, wato farar wuta. Idan iskar da ke ɗauke da farar wuta ta taɓa azurfa, sai su haɗu su yi wata siririyar fata a samanta. Iskar nan kowa ya san warinta, shi ne warin ruɓaɓɓen ƙwai da na lambatu. Fatar tana farawa da ruwan ɗorawa, ta koma ja-ja, ta yi shuɗi-shuɗi, daga ƙarshe ta zama baƙa yayin da take ƙara kauri. Laima tana hanzarta abin, shi ya sa a Kano watan Agusta ya fi kowane wata ɓata azurfa, da hunturu kuwa abin yana lafawa.

Kafin a wanke komai, sai da muka shimfiɗa kayan a kan tabarma a tsakar gida inda haske yake, muka duba kamannin baƙin kowanne. Na fi ba wannan matakin muhimmanci a kan wankin kansa, domin baƙin yana faɗa maka inda ya fito.

A jikin awarwaron akwai zobe na baƙi mai tsananin duhu da ya zagaye su a wuri ɗaya, faɗinsa bai kai na tsinken tsintsiya biyu ba, sauran jikin kuma baƙinsa bai kai haka ba. Na ce, "Gwaggo, da me kika haɗe su?" Ta ce da kyauron ɗaure kuɗi, don kada su riƙa gogar juna. To a nan aka samu mai laifi na farko. Da farar wuta ake sarrafa roba don ta yi ƙarfi, kuma tana ci gaba da fitar da ita a hankali, musamman idan ta tsufa cikin zafi. Duk inda kyauro ya kwanta a kan azurfa sai ya bar shatinsa. Mai laifi na biyu shi ne wurin da durowar take. Tana jingine da bangon banɗaki, ƙofar kuma yawanci a buɗe take, magudanar ƙasa tana dawo da wari idan an yi ruwan sama. Ke nan kayan sun bar kwalla mai murfi, inda iska ba ta shiga sosai, sun koma buɗaɗɗen wuri mai laima da iskar lambatu. Ga kuma kaskon turaren wuta da take sawa kusa da durowar kusan kullum. Hayaƙinsa yana barin maiƙo-maiƙo a jikin ƙarfe, ƙura da datti su manne a kai.

Zoben labarinsa daban. Tabonsa toka-toka ne mai duhu, ba shi da sheƙi, kuma a watse yake kamar an yayyafa masa wani abu. Da aka bi diddigi, jikarta ce ta sa shi a yatsa ta yi wankin fararen kaya da bilic. Wannan tabon ba na farar wuta ba ne, sinadarin bilic ne ya ci saman azurfar, kuma ya fi wuyar fita. 'Yan kunnen kuwa, a gefen da suke gogar wuya farin ya goge, wani ja-ja ya leƙo daga ƙasa. Wannan alamar cewa jan ƙarfe ne ko tagulla aka yi wa ruwan azurfa a sama.

Mutane da yawa suna gwada azurfa da maganaɗisu. Gwajin yana da amfani amma rabi ne. Idan maganaɗisu ya kama abu, to tabbas ba azurfa ba ne. Idan bai kama ba, hakan bai tabbatar da komai ba, tunda jan ƙarfe da tagulla ma ba ya kama su. Kuma kada a ruɗe idan ya ɗan ja maƙullin sarƙa, domin akwai ɗan ƙaramin sifirin na baƙin ƙarfe a cikinsa. Lamba 925 tana nufin a cikin kashi 1000, kashi 925 azurfa ce, ragowar 75 yawanci jan ƙarfe ne da ake sawa don ta yi ƙarfi, saboda zallar azurfa tana da laushi. Tsofaffin kayanmu ba su da lamba. Gwaggo ta ce an faɗa mata da liyari aka ƙera awarwaron, wato tsohon kuɗin azurfar nan mai hoton Maria Theresa da shekarar 1780 a jiki, wanda maƙeran fari suka daɗe suna narkewa. Liyari kashi 833 ne azurfa cikin 1000, jan ƙarfensa ya fi na 925 yawa, don haka kayan da aka yi da shi sukan fi saurin dusashewa, wani lokaci har su yi kore-kore a lungu idan gumi ya zauna. Wanda yake son tabbaci ya kai wa maƙerin fari, irin waɗanda ke Kasuwar Kurmi, su ne ke da ido da kayan gwajin.

Jikar ta riga ta ɗauko toka da soson ƙarfe, wata maƙwabciya kuma ta ce a sa man goge baki. Na hana, kuma ga dalilina. Duk waɗannan kankara suke yi. Baƙin nan ba datti ba ne da ya hau daga waje, azurfar ce da kanta ta rikiɗe, saboda haka idan ka kankare shi, azurfarka ka kankare. Sau ɗaya ba za a gane ba. Amma a yi ta yi shekara bayan shekara, zanen da maƙeri ya yi a jiki zai shafe, saman ya cika da ƙananan ƙarce, ƙarcen kuma ya zama maɓoyar datti. A kan abin da aka yi wa ruwan azurfa kawai, gogewa ɗaya da toka ta isa ta tone jan da ke ƙasa, kuma babu mai mayar da shi sai an sake yi masa ruwa. Lemon tsami da tsamiya su ma ana yawan ambatonsu. Suna ɗan cire koren jan ƙarfe, amma baƙin farar wuta ba ya jin su, kuma suna cinye murjani da lu'ulu'un teku idan akwai su a jikin kayan.

Wankin farko da aka yi wa kowanne mai sauƙi ne: ruwa mai ɗumi a roba, ɗigo biyu ko uku na sabulun wanke-wanke na ruwa, da buroshin haƙori na yara mai laushi. An ɗauraye ƙura tukuna kafin buroshi ya taɓa su. Ƙurar Kano tana da yashi a ciki, yashi kuma ya fi azurfa tauri nesa ba kusa ba, don haka goge ƙura da busasshen tsumma ma ƙarce ne. Wannan wankin ya cire maiƙon turare da gumi. Bai taɓa baƙin ba, amma dole a fara da shi, domin mataki na gaba ba ya aiki da kyau a kan maiƙo.

Awarwaron da sarƙar su ne suka cancanci wankin foyil, saboda azurfa ce har ciki, babu dutse, babu gam, babu rami a ciki da ruwa zai maƙale. Ga yadda aka yi. An samu kwanon tangaran mai faɗi, aka shimfiɗa foyil ɗin da ake naɗe nama ko kifi a gindinsa. An jera kayan a kai yadda kowanne yana taɓa foyil ɗin kai tsaye. An barbaɗa bekin soda cikin babban cokali ɗaya, sannan aka zuba ruwan da aka sauke daga tafasa, lita ɗaya, a hankali, domin yana kumfa. Wasu suna ƙara gishiri cokali ɗaya don aikin ya yi sauri. Ni ba na sawa a kan tsofaffin kaya, domin bekin sodar kaɗai ta wadatar, gishirin da ya maƙale a lungu kuma matsala ce ta gaba.

A nan akwai gargaɗin da ba zan wuce shi da sauri ba. Idan ka je kasuwa ka ce a ba ka soda, mai yiwuwa a miƙo maka sodar haɗa sabulu. Wannan tana ƙona fata da ido, kuma idan ta haɗu da foyil a ruwa tana cinye shi, ta yi zafi, ta fitar da iskar da ke kamawa da wuta. Kada ta kusanci wannan aikin. Wadda ake nufi ita ce ta masu kek da cincin, a wajen masu sayar da kayan fulawa ake samunta. Ita ma a bambance ta da bekin hoda, wadda aka gauraya da wasu abubuwa, ba ta yin aikin sosai. Kanwa 'yar'uwar bekin soda ce ta fuskar sinadari, amma tana zuwa da yashi da ƙasa, ƙarfinta kuma ba ɗaya ba ne daga wannan dunƙule zuwa wancan, don haka ban ba da shawararta ba.

Ba a yi minti ɗaya ba sai ƙananan kumfa suka fara tashi daga jikin foyil ɗin, wani ɗan warin ƙwai ya bugo. Sarƙar ce ta fara sauyawa, jan ya janye daga zobe zuwa zobe ana kallo. Gwaggo ta matso da kujerarta ta ce, "Ikon Allah, ba a ko taɓa ta ba." Abin da ke faruwa shi ne farar wuta ta fi son alminiyum, wato ƙarfen da aka yi foyil ɗin da shi, a kan azurfa. Idan su biyun suna taɓa juna cikin ruwan soda mai zafi, sai farar wutar ta saki azurfar, baƙin ya koma azurfa a inda yake, foyil ɗin kuma ya dusashe. Wannan ne fifikon hanyar a kan kankara: kusan babu abin da ke raguwa daga ƙarfen. Warin da ake ji farar wutar ce ke fita, shi ya sa a tsakar gida ake yi, kuma nesa da sauran azurfar da ba a sa a ruwan ba.

Sarƙar minti biyu zuwa uku suka ishe ta. Awarwaron sun kai minti biyar, aka juya su da cokalin katako don ɗaya gefen ya taɓa foyil, amma shatin kyauron bai fita duka ba. Da ruwan ya huce aikin ya tsaya, sai aka zubar, aka sa sabon foyil da sabon ruwa aka maimaita. Idan ka sa kayanka ba ka ga komai ba, duba abu uku: ko ruwan bai yi zafi ba, ko kayan ba sa taɓa foyil, ko akwai sauran maiƙo. Idan duk ukun daidai suke kuma baƙin bai motsa ba, to ba na farar wuta ba ne, kada ka yi ta ƙara soda.

Da suka fito, fari suka yi fat amma babu sheƙi, kamar an shafa musu alli. Wannan yana tsorata mutane, alhali haka abin yake. Azurfar da ta dawo ba ta kwanta sumul ba tukuna. An ɗauraye su sosai da ruwa mai tsabta, aka tsane da tsohon farin ƙyallen auduga mai laushi, aka riƙa murzawa a hankali ta tsawon awarwaron, sheƙin ya dawo. Sarƙar an shimfiɗa ta a inuwa har ta bushe sarai, domin ruwa yana ɓuya a tsakanin zobbanta da cikin maƙulli.

Akwai asara guda da wannan hanyar take jawowa, kuma na faɗa wa Gwaggo tun kafin a fara. Zanen da ke jikin awarwaron yana fitowa ne saboda duhun da ya zauna a cikin ramukansa. Ruwan foyil bai san baƙin ado da baƙin lalacewa ba, duka yake ɗaukewa. Bayan wankin zanen ya yi fari tas, sai an matso ake ganinsa. Ita ta ce ta fi son su fari don bikin jikarta za a sa su, duhun kuma zai dawo da kansa sannu a hankali. Da nawa ne, da ƙyallen goge azurfa na musamman zan bi saman kawai in bar ramukan. Duk wanda yake da tsohon abu mai zane, ko wanda maƙeri ya baƙanta lungunansa da gangan, ya tsaya ya yi wannan shawarar kafin ya zuba ruwa.

Zoben bai shiga ruwan zafi ba ko kaɗan. Aƙiƙ dutse ne mai tauri, amma da na duba gindinsa sai na ga alamar gam, ruwan zafi kuma yana sassauta gam, sauyin zafi na farat ɗaya yana iya tsaga dutse. Bugu da ƙari, tabon bilic ba ya jin foyil yadda na farar wuta yake ji. An gwada ƙyallen goge azurfa, ƙananan tabon suka ragu, manyan suka tsaya. A nan aikin gida ya ƙare. An kai wa maƙerin fari ya goge shi da kayan aikinsa, ya ɗan ƙara matse bakin da ke riƙe da dutsen. Abin da ya ce da ɗan aiken shi ne, "Ka gaya wa Hajiya, alwala ba ta yi wa zobe komai, a dai riƙa tsane shi. Amma wanki da bilic, a cire." 'Yan kunnen an bar su a wankin sabulu kawai, aka shanya.

Da a nan aka tsaya, da damina mai zuwa an koma gidan jiya. Don Gwaggo ta gani da idonta, sai aka raba awarwaron: ɗaya aka naɗe shi da farin ƙyalle aka sa a 'yar leda mai zif aka matse iskar, ɗayan aka ajiye shi a buɗe cikin durowar nan. Bayan 'yan makonni na buɗen ya fara ruwan ɗorawa a gefe, na cikin leda yana nan yadda aka sa shi. Daga nan ba a sake jayayya ba.

Tsarin ajiyar da aka tsaya a kai ba shi da tsada. Kowane abu yana da nasa ƙyalle na auduga wankakke busasshe da tasa ledar, don kada su ƙarci juna. Ledojin duka suna cikin tsohuwar kwallar nan mai murfi, an kuma mayar da ita ɗaya ɓangaren ɗakin, nesa da banɗaki da kaskon turare. A cikin kwallar an jefa ƙananan ƙunshin nan masu ƙwayoyi da ake samu a kwalin sabon takalmi ko jaka. Su laima kawai suke tsotsa, ba sa kama farar wuta, kuma suna cika, don haka ana sauya su idan damina ta kama. Abin da ya fi su aiki shi ne toshe iskar. An cire kyauro gaba ɗaya. Ba a naɗewa da jarida, ba a sawa a ƙyallen ulu, ba a kuma ajiyewa a 'yar jakar fata, ko da kuwa ta fi kyan gani, domin ulu da jemammiyar fata duk suna iya sakin farar wuta.

Ranar sawa ma akwai tsari. Mai, hoda, humra da turare su riga, a bari su bushe a jiki, sannan azurfa ta hau a ƙarshe, idan an dawo kuma ita ake fara cirewa. In za a turara kaya ko jiki, a yi kafin a sa ta. Ana cire zobe da awarwaro kafin yanka albasa, fasa ƙwai, sa safar hannu ta roba, ko shafa man ƙuraje da na ƙyasbi, domin da yawansu da farar wuta ake haɗa su, kuma suna iya baƙanta zobe cikin yini ɗaya. Da zafin bazara, gumi yana da gishiri, saboda haka bayan kowane biki ana goge kayan da ƙyalle mai ɗan danshi, a busar, kafin su koma leda. Kada a taɓa rufe azurfa a leda da sauran laima a jikinta, domin an kulle ta ke nan tare da abin da ake gudu.

Abin da ake dubawa yanzu shi ne launin farko. Duk lokacin da aka buɗe kwallar aka ga ruwan ɗorawa ya fara, ƙyalle mai laushi kawai yake buƙata, minti ɗaya ya isa. Wankin foyil an ajiye shi don ranar da baƙi ya yi nisa. Magudanar banɗakin kuma an sa mai gyaran famfo ya yi mata lanƙwasar da ke riƙe ruwa don wari ya daina dawowa, tunda sauran kayan jikokin har yanzu a wannan durowar suke.